Gwaggo ta kawo mini mai da ƙwayoyi don in samu miji, yanzu fuskata ta kumbura

Yayar_Amarya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a zauren nan ban taɓa sa baki ba, yau dai tura ta kai bango. Shekarata 25, na gama karatu, na yi hidimar ƙasa, ina koyarwa a wata makarantar kuɗi. Ni baƙa ce siririya, Babanmu na ɗauko. Ƙanwata da ke bi na fara ce mai jiki, irin dangin Umma. Bayan ƙaramar salla aka kawo kuɗin gaisuwarta, har an sa rana. Tun daga nan gida ya yi mini zafi. Duk wadda ta shigo yi wa Umma murna sai ta juyo ta ce "saura ke Yaya babba." Wata ma a gabana ta ce wa Umma, "ki riƙa ɗura mata abinci mana, wa zai ɗauki tsinke?"

Sai Gwaggo, yayar Babanmu, ta zo da robar mai babu suna babu rubutu, da wasu ƙananan ƙwayoyi farare, da kwalbar maganin ruwa. Ta ce in sha ƙwaya biyu da safe biyu da dare, maganin ruwan cokali ɗaya in zan kwanta, man kuma in shafa har ƙafa. Umma da kanta take miƙo mini bayan sallar isha'i. Yau sati bakwai ke nan. Na tashi daga kilo 47 zuwa 52, na yi haske, kowa a gida yana murna. Amma ni na san jikina ba daidai yake ba. Fuskata ta yi zagaye kamar an hura, ƙuraje sun fito mini a goshi da ƙirji, yunwa tana tashe ni ƙarfe biyun dare, al'adata ta wuce lokacinta, in na hau bene a makaranta cinyoyina rawa suke. Jiya kuma na ga wasu jajayen layuka a gefen hammatata.

Abin da ya sa na kasa magana, Gwaggo ta ce akwai ɗan abokin mijinta da zai zo ganina ƙarshen wata. Don Allah masu sani, wannan abin yana da illa? Kuma yaya zan bari ba tare da na ɓata wa Umma rai ba?

Maman_Sadik:
Innalillahi. Ƙanwata ki tattara su yau ɗin nan ki zuba a masai. Wannan ai shi ne sha-ka-fashe, masu kiwo ma suna ba raguna kafin babbar salla. Kada ki ƙara sa ko ɗaya a bakinki.

Hauwa_Famasi:
@Maman_Sadik, gaskiyarki ne cewa abin cutarwa ne, amma don Allah kada ta bari yau. Barin nan take shi ne mafi haɗari a yanzu. @Yayar_Amarya, kafin in ce komai, nemo takardar da aka ɓallo ƙwayoyin daga ciki, ki faɗa mini sunan da ƙarfin da aka rubuta. Kwalbar ma ki duba.

Kyalli_Da_Sheki:
'Yar uwa matsalar ba ki samu mai haɗi mai kyau ba ne. Nawa na itatuwa ne zalla, kurkum da karas da madara, sati biyu za ki ga canji, ba ƙuraje ba nankarwa. Ki yi mini magana ta gefe.

Yayar_Amarya:
@Hauwa_Famasi na samo a ɗakin Umma. Ƙwayar deksametason ce, an rubuta 0.5. Na ruwan kuma sifuroheftadin ne da sinadaran ƙara kuzari. @Kyalli_Da_Sheki ba wani man nake nema ba, hanyar fita nake nema.

Hauwa_Famasi:
Abin da na yi zato ke nan. Shekara goma sha ɗaya ina aikin magani, na ga irin wannan ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Bari in yi miki bayani a hankali.

Ƙwayar nan da ake ce wa deksa magani ce mai ƙarfi, likitoci suna ba da ita ga mai asma da ta tashi, ko kumburi mai tsanani, kuma yawanci na 'yan kwanaki. Kwaikwayo take yi na wani sinadari da jikinki ke samarwa da kansa daga wasu 'yan ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda. Abin da jiki ke yi a rana bai wuce daidai da ƙwaya ɗaya da rabi na irin taki ba. Ke kuwa huɗu kike sha, wato miligiram 2, kusan ninki uku, har kwana arba'in da tara. Da jiki ya ga ana kawo masa daga waje sai ya dakatar da nasa. In kika yanke yau, na waje babu, na ciki bai farka ba. A nan ne mutum yake yin laushi, ya yi ta amai, jiri ya ɗebe shi, jininsa ya sauka, wani har ya suma. Shi ya sa duk wanda ya wuce sati uku yana sha, ragewa ake yi kaɗan-kaɗan a hannun likita. Ba zan rubuta miki yadda za ki rage a nan ba, sai an auna ki. Ki je babban asibiti cikin satin nan, ki tafi da takardar ƙwayar da kwalbar da robar man, ki faɗi gaskiyar adadi da kwanaki. A duba miki hawan jini da suga. Kafin ki je, ki ci gaba da sha yadda kike, kada ki ƙara kada ki yanke.

Ƙibar da ake murna da ita kuma, ki tsaya gaban madubi ki duba inda ta sauka. Fuska ce da ciki da bayan wuya. Cinya da damtse ba sa cika, ramewa ma suke, domin maganin yana cin tsoka. Rawar da cinyarki ke yi a bene daga nan take. Wani ɓangaren na kilo biyar ɗin ma ruwa ne jiki ya riƙe. Wato siffar da Gwaggo ke nema miki, ƙugu da cikar jiki, maganin nan ba ya ba da ita ko da shekara za ki yi kina sha.

Na ruwan maganin ƙaiƙayi da mura ne, yana buɗe ciki yana sa barci. Shi ba shi da matsalar yankewa irin ta deksa, amma ki faɗa wa likita shi ma.

Maman_Sadik:
Allah Ya yafe mini, wallahi ban san haka ba. Na janye maganata. Amma dai man za ta iya bari yau ko?

Hauwa_Famasi:
Man ma likita ya gani. Robar da ba ta da suna kuma ta sa mutum haske cikin sati biyu ko uku, kusan kullum akwai ɗan uwan deksa a ciki, irin su kulobetasol da ake sayarwa a ɗan bututu. Matse bututun ake yi cikin man shafawa a juya. Mai shafa shi daga fuska har ƙafa kullum, yana ratsa fata ya shiga jini, ya ƙaru a kan ƙwayar da take sha. Jajayen layukan hammata alamarsa ce, fata ce ta yi siriri ta tsage daga ciki. Za su dusashe su yi fari, amma ba sa ɓacewa gaba ɗaya. In an bar man, fuska takan yi ja ta yi zafi da ƙuraje na wasu makonni, wannan ne ke mayar da mata da yawa ga robar, suna zaton rashin man ne cutar.

@Kyalli_Da_Sheki, ba faɗa nake nema ba, amma kurkum da karas ba sa mayar da baƙar mace fara a sati biyu. In naki yana yi, akwai abin da ke ciki, ko kin sani ko mai sayar miki da kayan haɗi ne ya sani.

Abu_Fatima:
Ni abin da ban gane ba, wa ya ce muku maza farare kawai suke so? Matata baƙa ce, shekararmu tara, ban taɓa jin ina ma fara ce ba. Mata ne ke ɗora wa junansu wannan wahala.

Zainabu_Zazzau:
@Abu_Fatima Allah Ya bar ku tare, amma kada mu rufe ido. "A samo mini fara ko mayya ce" bakin wa ta fito? "Farar mace alkyabbar mata" wa ke rera ta? Yayana da kansa ya ce wa Hajiyarmu shi dai a duba masa fara doguwa. Iyaye mata ba daga sama suka tsinci tsoron nan ba, suna jin abin da ake faɗa a wajen zaɓen mata.

Abu_Fatima:
Akwai masu faɗa, ban musa ba. Amma da yawan masu faɗar, in suka tashi auren gaske ba haka suke yi ba. Kuma ko wanda ke son farar, fara ta Allah yake nufi. Ba na jin akwai namijin da zai ji daɗi ya ga fuska fara gaɓoɓin yatsu baƙi.

Zainabu_Zazzau:
To ka ga ka dawo kan maganata. Yana son fara, ba ya son mai shafe-shafe, baƙar kuma bai kalle ta ba. Ina za ta sa kanta?

Hajiya_Uwar_Biyar:
Bari in yi magana a matsayin uwa, domin na ga ana neman a mayar da mahaifiyar yarinyar nan azzaluma. 'Ya'yana mata huɗu, na aurar da uku. Ku da ba ku haifa ba ba ku san abin da uwa ke ji ba in ƙanwa ta riga yaya. Ba 'yar ake tambaya ba, uwar ake tambaya. A gidan biki, a gidan suna, a wajen ta'aziyya ma sai an ce "har yanzu wance shiru?" Kalmar kwantai da ake faɗa, a kunnen uwa take sauka. Kuma ranar kawo lefe ba ango ne ke zuwa ba, gwaggonninsa da yayyensa ne, su kuwa daga sama har ƙasa suke kallon yarinya, su koma su ba da labari. Na taɓa ji da kunnena wata ta ce "amaryar dai ba ta cika ido ba." Uwar da ta taɓa jin haka za ta yi komai.

Ban ce abin da aka yi daidai ne ba. Ni ban san ƙwayar nan tana da wannan illa ba sai yau, kuma na tabbata ita ma ba ta sani ba. 'Yata, kada ki je mata da "an ce a waya." Ki ce mata ba ki jin daɗi, ta raka ki asibiti. Ki bari likita ya faɗa mata da bakinsa, a gabanta a auna ki. Uwa tana iya musu da 'yarta, amma in ta ga abin awo ya nuna jinin 'yarta ya hau, jikinta zai yi sanyi.

Yayar_Amarya:
Na gode Hajiya, wallahi kamar kin san Umma. Ba mugunta ba ce. Ita ma Gwaggo baƙa ce kamar ni. Ranar da ta kawo kayan ta riƙe hannuna ta ce, "ni na san abin da na sha a gidan miji a kan baƙin nan, kishiyata fara ce, ba na so ki sha irinsa." Har ƙwalla ta yi. Shi ya sa abin ya yi mini nauyi.

Ummu_Hanan:
Ni labarina zan ba ki, ki ɗauki abin da za ki ɗauka. Wankan tarwaɗa ce ni. Wata shida kafin aurena yayata ta fara haɗa mini mai, don dangin mijin farare ne. Ranar kamu kowa yana cewa amarya ta yi kyau. Abin da ba a faɗa mini ba shi ne ba ranar bari. Miji ya gan ki a haka, danginsa sun san ki a haka, hotunan biki suna bango. Shekara shida ina shafawa a ɓoye, ina cire kuɗin daga na cefane. Girki ya zama mini azaba, in na tsaya gaban wuta fuskata kamar an watsa barkono. Jijiyoyi kore suka fito a cinyata. Sai kumatuna suka fara yin wani baƙi mai duhu, nan saman ƙashi inda rana ke duka, na ƙara ƙarfin man, baƙin ya ƙaru. Likitar fata ta ce mini sinadarin haidurokwinon da ke cikin man ne ya jawo, kuma irin wannan tabon da wuya ya tafi duka. Yau shekara biyu da na bari, jikina ya koma kalarsa, tabon kumatu yana nan, hoda nake rufe shi da ita.

Abin da ya fi ci mini rai, ranar da na faɗa wa maigidan gaskiya cewa ya yi ai ya daɗe da sani, tun haihuwar farko da ya ga hotunana na makaranta a gidanmu. Shekara shida ina ɓoye abin da ya sani.

Bilkisu_Maradi:
Sannu Ummu_Hanan. Mu nan Maraɗi haske yana da kasuwa, amma maganar jiki ta fi ƙarfi. Budurwa in ba ta da jiki sai a ce gidansu ba a ƙoshi, amarya kuma in ta yi wata uku ba ta yi ƙiba ba a ce miji ba ya kula da ita. Ƙwayoyin nan a faranti ake yawo da su, ba mai tambayar takardar likita. Amma kakanninmu da fura da nono da kunun gyaɗa suke gyara amarya. Me ya hana a koma can? Ta sha fura da madara da dabino, za ta yi jiki ba illa.

Dr_Sani_Jos:
@Bilkisu_Maradi fura ta fi ƙwaya nesa ba kusa ba, amma akwai tambayar da ba wanda ya yi: shin tana ma buƙatar ƙiba? @Yayar_Amarya nawa ne tsayinki?

Yayar_Amarya:
Mita 1.58 aka auna ni lokacin hidimar ƙasa.

Dr_Sani_Jos:
To ga lissafi. Ana raba nauyi da tsayi sau tsayi. 1.58 sau 1.58 ya ba da kusan 2.5. Ki raba 47 da 2.5, kin samu 18.8. Daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 shi ne lafiyayyen nauyi. Ke nan tun farko ba ki da rama ta cuta, siririya ce ke mai lafiya, aka ba ki maganin marasa lafiya. Da a ce ramewa kike yi ba dalili, ko da tari, ko zawo, ko yawan fitsari, da sai a nemi musabbabi, ba a rufe shi da deksa ba. Wannan ma wani haɗarin ne, maganin yana raunana garkuwar jiki, mai tarin fuka a ɓoye in ya sha sai ciwon ya samu hanya.

Ina goyon bayan duk abin da Hauwa ta faɗa. Ƙari ɗaya: ko bayan kin gama ragewa, in zazzaɓi mai zafi ya kama ki, ko amai, ko za a yi miki wani aiki cikin watannin da ke tafe, ki faɗa wa likita kin sha wannan magani. Kumburin fuska yana sauka a hankali cikin makonni zuwa 'yan watanni, al'ada ma takan daidaita.

Malam_Habibu:
Ta fuskar addini, biyayya ga iyaye wajibi ce, amma ba ta kai ga mutum ya cutar da jikinsa ba. Hadisi ya ce babu cuta babu cutarwa. A Suratur Rum aya ta 22 Allah Ya lissafa bambancin harsunanmu da launukanmu cikin ayoyinSa. Sannan Annabi (SAW) ya umarci Mugira ɗan Shu'uba ya je ya ga matar da yake nema, domin hakan ya fi sa su daidaita. Hikimar ganin ita ce ya ga wadda zai zauna da ita. In an canza mata kala da siffa saboda ranar ganin, me ya gani? Ina jin tsoron abin ya shiga babin algus. Ki yi wa mahaifiyarki magana mai taushi, kada ki ɗaga murya, amma ki nemi lafiyarki.

Zainabu_Zazzau:
Malam a yi mana adalci. In ana maganar algus kada a ɗora wa yarinyar da aka miƙa wa ƙwaya bayan sallar isha'i. Kuma ina jiran ranar da za a hau mumbari a yi wa samari da iyayensu mata wa'azi a kan "a samo fara." Kullum wa'azin a kanmu yake ƙarewa.

Malam_Habibu:
Ban ɗora mata ba, kuma maganarki ta biyu gaskiya ce. Na karɓa.

Amira_Umdurman:
Mu Hausawan Sudan dilka da halawa da dukhan a gidanmu muka tashi muka gani. Ina so in raba abu biyu da ake haɗawa. Dilka ta asali goge jiki ce, tana cire dattin fata ta sa laushi da ƙamshi. Dukhan, wato hayaƙin icen ɗalhi, yana ba fata wani launi mai ɗan ja, kuma na matan aure ne da amaryar da aka sa wa rana, budurwa ba ta zama a kai. Ba ɗaya daga ciki da ke mayar da baƙa fara. Abin da nake gani yanzu a wajen wasu masu gyaran jiki, ana zuba man bilicin a cikin dilka a ce "haɗin Sudan." Mu ma nan muna da masifar ƙwayar ƙiba, 'yan mata suna ce mata najma, ita ce dai deksar nan. Ke nan in za a yi wa ƙanwarki gyaran jiki na biki, ku tambayi abin da ke cikin kwanon.

Rabi_Kumasi:
Nan Gana tun 2016 hukuma ta hana shigo da mayukan da ke da haidurokwinon, amma ku zo zango ku gani, ana samu. Doka ba ta shiga ɗakin uwa da 'yarta. Ni tambayata ga Hauwa, sabulun da ake cewa yana da zaiba fa? Ƙanwar mijina tana da ciki tana wanka da wani.

Hauwa_Famasi:
@Rabi_Kumasi in da gaske akwai zaiba a ciki ta bari yau, wannan ba ya buƙatar ragewa. Zaiba tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana ratsa mahaifa ta kai ga jariri, tana bi ta nono. Matsalar ba a rubuta ta a kwali, ido kuma ba ya ganewa. Mai ciki ta bar duk wani sabulu ko man haske, ta faɗa a wajen awo. Mu ma nan Najeriya a 2023 hukumar kula da abinci da magunguna NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya, amma robar da ake haɗawa a ɗaki ba ta bi ta hannun hukuma balle a duba ta.

Dan_Birni:
Ni dai a ganina an cika zuzuta abin. Mata nawa ne ke shafawa suna zaune lafiya? Ta daure zuwa ƙarshen wata mutumin ya gan ta, in an daidaita sai ta bari a hankali. Sati uku ne fa kawai.

Ummu_Hanan:
@Dan_Birni ni ma "zuwa biki kawai" aka ce mini. In ya gan ta a haka ya ce yana so, sai a ce ta daure zuwa sa rana, daga nan zuwa ɗaurin aure, daga nan kuma ta shiga gidansa. Wace rana ce a ciki za ta ce masa ga ainihin kalata?

Dr_Sani_Jos:
Kuma sati uku a kan sati bakwai ba ƙaramin abu ba ne ga wadda nankarwa ta riga ta fara fito mata. Kowane sati yana ƙara tsawon lokacin da za a ɗauka ana ragewa.

Hajiya_Uwar_Biyar:
Ni shawarata a ɗaga zuwan yaron. A ce ba ta jin daɗi, ai ba ƙarya aka yi ba. Gara ya zo bayan wata biyu ya same ta yadda take. Amma wannan sai Babanku ya sa baki, domin yayarsa ce ta haɗa, Ummanku ba za ta iya ce wa dangin miji a'a ba. Babanku ya san abin da ake ciki kuwa?

Yayar_Amarya:
Bai sani ba Hajiya. Ya dai ce mini kwanaki "Uwata kin yi ƙiba," ya yi dariya. Ina jin nauyin kai masa ƙarar yayarsa.

Zainabu_Zazzau:
Ba ƙara ba ce. Ki nuna masa takardar asibiti kawai, sauran ya rage nasa.

Maman_Sadik:
Ni kuwa ina ganin kada a sa Baba, abin zai zama rigimar dangi ana tsakiyar shirin biki, a ce yaya tana baƙin ciki da auren ƙanwarta. Kun san bakin mutane.

Yayar_Amarya:
Salam, na dawo. Jiya Talata na bi shawarar Hajiya, na ce wa Umma jiri nake ji, ta raka ni asibiti. Jinina 145 bisa 95, ni da ban taɓa wuce 110 bisa 70 ba. Suga ya ɗan hau amma likitar ta ce bai kai ciwo ba, za a sake dubawa. Da na fito da ƙwayar da robar daga jaka Umma ta sunkuyar da kai. Likitar ba ta yi mata faɗa ba, ta dai ɗaga hannuna ta nuna mata layukan, ta ce wannan ba zai goge ba. An rubuta mini yadda zan rage, zan koma bayan sati biyu, an kuma tura ni wajen likitan fata.

A cikin adaidaita Umma ba ta ce komai ba sai da muka kusa gida, ta ce "ƙwayar dai an bar ta." Da dare kuma ta shigo ɗakina ta ce ko zan riƙa shafa man a fuska kaɗai zuwa ranar da baƙon zai zo, tunda Gwaggo ta riga ta ce masa ni wankan tarwaɗa ce. Na ce mata likita ta hana. Ta yi shiru ta fita. Robar tana nan kan madubina, ban shafa ba, ita ma ba ta ɗauke ba. Baba har yanzu bai sani ba, Gwaggo kuma za ta zo ranar Asabar.

Hauwa_Famasi:
Alhamdulillahi da kika je. Ki bi takardar nan daidai ko da kin ji kin warke, in kuma amai ko jiri mai tsanani ya zo kada ki jira sati biyun. Fuskar za ta iya yin ja da ƙuraje kwanakin nan, ki sa hijabi mai inuwa ko lema in za ki makaranta, kada kowa ya ce miki rashin man ne.

Hajiya_Uwar_Biyar:
Ranar Asabar kada ki bari Ummanki ta fuskanci Gwaggo ita kaɗai, kuma kada ke ki fara magana. Akwai wani babba a gidan da Gwaggon ke jin nauyinsa? Ko kakarku tana raye?